Yadda ake kakkaɓe amsoshin bogi a tambayoyin lokutan aikatau na Turanci

A jarrabawar JAMB tambaya 180 ake ba ɗalibi ya amsa cikin awa biyu, kuma 60 daga cikinsu na Turanci ne. In ka raba minti 120 da tambaya 180, kowace tambaya daƙiƙa 40 ta samu. Wannan bai isa mutum ya zauna yana tuno duk dokokin nahawun da aka rubuta masa a allo tun daga ajin farko na sakandare ba. Abin da ya isa a yi cikin daƙiƙa 40 shi ne a nemo kalma ɗaya ko biyu a cikin jimlar da ke nuna lokacin da ake magana a kai, a yi amfani da su a kore amsoshin da ba za su taɓa zama daidai ba, sannan a duba abin da ya saura.

Yawancin ɗaliban da na koyar sun iso wurina da wata hadda da suka yi a baya: in ka ga kaza, zaɓi kaza. Wannan haddar tana cin tambayoyi masu sauƙi, amma masu tsara jarrabawa sun san da ita, kuma a kanta suke ɗana tarko. Alamar lokaci, wato kalmar nan da ke nuna lokacin da ake magana a kai, ta fi ƙarfi wajen gaya maka amsar da ba ita ba ce. Da wuya ta nuna maka amsar gaskiya kai tsaye. Saboda haka duk abin da zan faɗa a ƙasa aikin kora ne. Zaɓi yana zuwa daga baya, sau da yawa ma da kansa yake zuwa, don babu sauran wanda ya rage sai shi.

Inda Hausa take ja mana ƙafa

Kafin a shiga matakan, ya kamata a san dalilin da ya sa kunne yake yaudarar Bahaushe a irin waɗannan tambayoyi. Dubi wannan: “ya tafi”. Kana iya cewa “ya tafi jiya”, kana iya cewa “ai ya tafi” ba tare da ka faɗi yaushe ba, kana iya cewa “kafin na iso ya tafi”, har ma kana iya cewa “kafin ka iso gobe ya tafi”. Siffa ɗaya ce a Hausa ta ɗauki duk huɗun. A Turanci kuwa kowanne da rigarsa: *went* ga na farko, *has gone* ga na biyu, *had gone* ga na uku, *will have gone* ga na huɗu. Haka “yana karatu” yake. “Yanzu yana karatu” da “jiya da na je yana karatu” duk “yana” ne, amma Turanci sai ya raba su zuwa *is reading* da *was reading*.

Abin da Hausa ta fi damuwa da shi shi ne ko aikin ya kammala ko yana ci, sai ta bar wa “jiya” da “gobe” su faɗi lokaci. Turanci yana so aikatau ɗin kansa ya ɗauki lokacin a jikinsa, kuma ya yi daidai da alamar da ke cikin jimla. To, in ka fassara tambaya zuwa Hausa a zuciyarka, amsa biyu ko uku za su faɗa cikin fassara ɗaya, dukkansu su yi maka daɗi a kunne. Shi ya sa nake hana ɗalibaina cewa “wannan ta fi daɗin faɗa”. Daɗin faɗa ba hujja ba ce a nan.

Mataki na farko: kada ka fara da amsoshin

Karanta jimlar tun daga farko har zuwa ɗigon ƙarshe ba tare da idonka ya sauka kan A, B, C, D ba. A takarda kana iya rufe su da tafin hannu, a kwamfuta kuwa sai dai ka horar da idonka. Dalili shi ne an tsara amsoshin bogi ne don su yi kama da gaskiya, kuma da zarar ɗaya ta shiga kanka, za ka karanta jimlar ne kana neman abin da zai gaskata ta. Ga kuma wani abu: alamar lokaci ta fi yawan zama a wutsiyar jimla, bayan gurbin da aka bari. Mai gaggawa yana isa gurbin ya tsaya, bai ga *two days ago* da ke jiransa a ƙarshe ba.

Da ka gano alamar, tambaya ɗaya za ka yi mata: lokacin da take nunawa ya rufe, ko har yanzu a buɗe yake? Jiya ta rufe. Shekarar 1960 ta rufe. Amma “tun daga 1991” bai rufe ba, ya faro daga can ya iso har inda muke zaune. Wannan rabon gida biyu shi kaɗai yana warware kaso mai yawa na tambayoyin.

Lokacin da ya rufe

Alamominsa su ne *yesterday*, *ago*, *last week* da ’yan uwansa irin su *last year* da *last night*, shekara da aka ambata da *in*, da tambayar da ta fara da *when*. Dokar da suke ba ka mai ƙarfi ce, kusan ba ta da togiya: duk amsar da ta fara da *has* ko *have* ta faɗi. Haka duk wadda ke nuna yanzu ko gaba. Ga misali:

*Nigeria ____ independence in 1960.*
A. *has gained* B. *gained* C. *is gaining* D. *gains*

Alamar ita ce *in 1960*. C tana cewa aikin yana gudana yanzu, ta fita. D ta abin da aka saba yi ce, ta fita. Saura A da B, kuma a nan ne ake rasa maki, domin a Hausa dukkansu “ta samu ’yancin kai” ne. Wani ɗalibi zai ce ai har yanzu muna da ’yancin, don haka *has gained* ta dace. Tunanin ba laifi, amma Turanci bai yarda *has* ta zauna jimla ɗaya da lokacin da aka ƙayyade kuma ya wuce ba. Da an cire shekarar, da A ta yi. Tunda an saka ta, B ce.

Ka lura da iyakar abin da alamar ta yi maka. *Yesterday* ta kore *has gone*, amma ba ta raba gardama tsakanin *went* da *was going* da *had gone* ba, domin duk ukun a lokacin da ya wuce suke. In ka tarar da biyu daga cikinsu sun rage, sai ka nemi aikatau na biyu a jimlar, wanda za mu zo kansa. In babu wani aikatau na biyu, kuma babu takamaimiyar sa’a irin *at 8 o’clock last night*, to sassauƙar siffar, wato irin *went*, ita ce amsa. Ɗalibai suna son *had* saboda tana yi musu kama da babban Turanci. Ba a saka *had* don kawai abu ya daɗe da faruwa. Aikinta shi ne nuna cewa wani abu ya riga wani faruwa a baya.

Lokacin da yake a buɗe, da rigimar “tun”

*Since*, *so far*, *up till now*, *yet*, *ever* da *lately* suna haɗa baya da yanzu. Su ne ke kiran *has* ko *have*.

*Abuja ____ the capital of Nigeria since 1991.*
A. *is* B. *was* C. *has been* D. *is being*

Bahaushe yana cewa “Abuja ce babban birni tun 1991”, ko “yana zaune a Zariya tun bara”. Siffar yanzu muke amfani da ita tare da “tun”, kuma daidai ne a Hausa. Wannan ne yake tura hannu zuwa A. A Turanci *since* mai nufin “tun” tana kore siffar yanzu zalla, wato *is* da *lives* da *is living*. Tana kuma kore *was*, domin *was* tana nufin an yi an gama, alhali har gobe Abuja ce babban birni. A, B da D sun tafi. C ce ta rage.

Yanzu ga tarkon da aka fi ɗanawa da ita. Mai tsara tambaya zai rubuta *since last year* ko *since yesterday*. Wanda ya haddace cewa *last year* tana tafiya da *lived* zai cafke ta da gudu. Amma *since* ce take gaba, kuma ita ke da iko. *Last year* a nan mafarin tafiya kawai take nunawa. Saboda haka duk sa’ad da ka ga alamar lokacin da ya rufe, ja idonka baya kalma ɗaya ka ga ko *since* tana tsaye a gabanta.

Tarko na biyu kishiyar wannan ne. Dubi inda gurbin yake:

*I have not seen him since he ____ school.*
A. *has left* B. *left* C. *leaves* D. *is leaving*

Ga *since* nan ƙuru-ƙuru, kuma ga *has left* a layin farko tana kiranka. Amma *have* ɗin da *since* take nema ta riga ta samu a *have not seen*. Gurbin yana bayan *since* ne, wato a wurin da ake faɗin mafarin. Barin makaranta abu ne da ya faru sau ɗaya a wata rana da ta wuce, daidai yake da a ce *since 2019*. Amsa B. Ashe ganin alama bai wadatar ba, sai ka san wane ɓangare na jimla take mulka.

Akwai kuma *since* mai nufin “tunda”, kamar a *Since you are tired, go and rest*. Wannan dalili take bayarwa, babu ruwanta da lokaci. In ka gwada “tunda” ta zauna daram, ka manta da ita ka nemi wata alamar.

Sai *for*. Ita ce ta fi kowace alama cin amana, kuma ina ganin kuskure ne yadda ake koyar da ita kafaɗa da kafaɗa da *since* kamar tagwaye. *For* tsawon lokaci kawai take aunawa: shekara uku, wata biyu, awa goma. Ba ta faɗi ko tsawon ya ƙare ko bai ƙare ba. Ana cewa *has lived for ten years*, ana cewa *lived for ten years*, ana cewa *will live for ten years*, duk Turanci ne mai kyau. Abin da take iya korewa kaɗan ne, galibi irin su *is living* idan ana nufin zaman da ya faro daga baya. Sauran aikin sai wata kalmar ta yi shi.

*My late grandfather ____ in Kano for forty years.*
A. *has lived* B. *lived* C. *has been living* D. *lives*

Ainihin alamar a nan ita ce *late*, wato marigayi. Mutumin ya rasu, zamansa a Kano ya rufe. A da C da D duk suna nufin yana raye yana ci gaba da zama. B ce kaɗai ta tsira. Irin wannan alamar ba ta cikin jerin da ake haddacewa, amma tana aiki fiye da waɗanda ke ciki. Kalmomi irin su *former* da *retired* su ma sukan yi irin wannan aikin.

*Already* da *just* ma kada ka amince musu ido rufe. Suna tafiya da *has*, suna kuma tafiya da *had*. Abin da ke raba su shi ne ɗaya aikatau ɗin da ke cikin jimlar.

Aikatau na biyu shi ne babbar alama

In jimla tana da ɓangare biyu, aikatau ɗin da aka riga aka rubuta maka ya fi duk wani *yesterday* amfani. Shi ne ƙusar da aka kafa, amsar da za ka zaɓa kuma dole ta rataya a jikinsa. Dubi waɗannan tambayoyi biyu da suka fara da kalmomi iri ɗaya.

*By the time we reached the motor park, the bus ____.*
A. *has left* B. *had left* C. *will have left* D. *leaves*

*By the time you return tomorrow, I ____ the work.*
A. *had finished* B. *have finished* C. *will have finished* D. *finished*

*By the time* tana nufin “kafin”, kuma abin da take faɗa shi ne ɗaya aikin ya riga ɗaya kammala. Amma a baya ne ko a gaba? Wannan sai aikatau ɗin da ke biye da ita ya faɗa. A ta farko *reached* ce, labarin ya wuce. A da C da D sun fita, domin babu ɗaya daga cikinsu da ke zaune a baya. Motar ta riga mu tashi, *had left*. A ta biyu *return* ce, ga kuma *tomorrow* ta ƙarfafa ta. A da D na baya ne, sun fita. Tsakanin B da C kunnen Bahaushe zai karkata ga B, domin mu “kafin ka dawo gobe na gama” muke cewa, da siffar aikin da ya kammala. Turanci kuwa sai ya sa *will*, don har yanzu ba a gama ba, alkawari ne. C.

*When* da *while* a labarin da ya wuce suna haɗa dogon aiki da gajere. Yara suna wasa sai ruwa ya sauko. Wasan ne dogo, shi ke ɗaukar *were playing*. Saukowar ruwan ce gajeriya, ita ke ɗaukar *started*. A nan Hausa tana taimakonka maimakon ta cuce ka: ɓangaren da ya karɓi “suna” shi ne mai *was* ko *were* da *-ing*, ɓangaren da ya karɓi “sai” shi ne mai sassauƙar siffar baya. Abin kiyayewa kawai shi ne kada “suna” ta kai ka ga *are playing*. Da ka ga *started* a rubuce, duk wata *is* da *are* da *has* da *will* sun fita daga lissafi.

Akwai wata doka da nake so ka riƙe da kyau domin tana ba da maki a sauƙaƙe. Bayan *when*, *as soon as*, *until*, *before*, *after* da *if* ta sharaɗi, ba a saka *will*, ko da maganar gobe ake yi.

*I will call you as soon as I ____ in Sokoto tomorrow.*
A. *will arrive* B. *arrive* C. *arrived* D. *would arrive*

*Tomorrow* tana jan ka zuwa A. Hausa kuma tana jan ka zuwa C, domin “da zarar na isa” muke cewa. Dukkansu biyu ramuka ne. *Tomorrow* ta kore C, *as soon as* ta kore A da D, B ta tsaya. Togiya ɗaya da ya kamata ka sani: idan *when* tana nufin “yaushe”, kamar a *I don’t know when he will come*, to *will* tana shiga. Gwada ta da Hausa. In “idan” ko “sa’ad da” ta dace, babu *will*. In “yaushe” ta dace, akwai.

Sharar ƙarshe

Sau da yawa bayan alamar lokaci ta gama aikinta, amsa biyu ne ke ragewa, kuma lokaci ɗaya suke nunawa. A nan sai ka daina kallon lokaci, ka koma kallon jikin amsoshin. Abu na farko shi ne ko siffar ma tana nan a Turanci. *Had went*, *has began*, *did saw* da *have wrote* ba su da gurbi a kowace jimla, ana iya kore su tun kafin a karanta tambaya. Bayan *has*, *have* da *had*, siffa ta uku ce take zuwa: *gone*, *begun*, *seen*, *written*. Wanda bai haddace waɗannan aikatau marasa bin ƙa’ida ba, babu dabarar da za ta cece shi, wannan kam sai an zauna an karanta.

Na biyu, tilo ne ko jam’i mai aikin. *Has been waiting* da *have been waiting* lokacinsu ɗaya, mai aikin ne ke raba su. Na uku, shi ya yi aikin ko shi aka yi wa: *had signed* na magatakarda ne, *had been signed* na takardar ce. Na huɗu kuma wasu aikatau ne da ba su cika karɓar *-ing* ba ko da an ce *now*, irin su *know*, *understand*, *believe*, *own* da *belong*. Saboda muna cewa “ina fahimta”, *am understanding* takan yi mana kyau, amma mai jarrabawa *understand* yake nema.

Tambaya ɗaya daga farko har ƙarshe

Bari mu ɗauki mai gurbi biyu, irin wadda ke tsorata ɗalibai alhali ita ce ta fi sauƙin kora, domin kowace amsa tana da wuri biyu da za a kama ta.

*The farmers ____ for rain for three weeks before it finally ____ last Friday.*
A. *have been waiting / fell*
B. *had been waiting / fell*
C. *had been waiting / has fallen*
D. *were waiting / had fallen*

Na karanta har ƙarshe, na tsinci alamomi uku: *for three weeks*, *before*, da *last Friday*. Ba ƙarfinsu ɗaya ba. *For* mun san ba ta yanke hukunci, sai in ajiye ta. *Last Friday* ce mai ƙarfi, babu kuma *since* a gabanta, kuma gurbi na biyu take mulka. Don haka daga gurbi na biyu zan fara, ba daga na farko ba. *Has fallen* ba ta zama da ranar da ta wuce, C ta fita, ko kallon rabinta na farko ba sai na yi ba.

Yanzu *before*. Ayyuka biyu ne, jira da saukar ruwa. Wanne ya riga? Jira. To in *had* za ta shiga jimlar, a kan jira za ta hau. D ta ɗora ta a kan saukar ruwa, wato ta juya labarin, ta ce ruwa ya riga sauka sannan ake jira. D ta fita.

Saura A da B, kuma bambancinsu kalma ɗaya ce. *Have been waiting* tana nufin har yanzu manoman suna jira. Amma ruwa ya sauka tun Juma’ar da ta wuce, jiran ya rufe. A ta fita. Sai in mayar da B cikin jimlar in karanta sau ɗaya don in tabbatar ban tsallake wata *not* ko wani mai aiki tilo ba, in danna, in wuce. A rubuce aikin ya yi tsawo, amma wanda ya saba ba zai cinye daƙiƙa 40 ɗinsa ba.

Inda alamar take ƙarya

Akwai ’yan wurare da siffar baya ke fitowa alhali maganar yanzu ake yi, kuma masu jarrabawa suna ƙaunarsu. Bayan *It is high time* ana saka siffar baya: *It is high time you stopped*, ba *stop* ba. Bayan *I wish* haka ne idan burin na yanzu ne: *I wish I knew the answer now*. Ga *now* a jimlar, amma *know* kuskure ce. Waɗannan ba labarin abin da ya faru suke bayarwa ba, abin da ake so ne bai samu ba, kamar yadda muke cewa “da ma na sani”. In ka gan su, su ke da iko a kan kowace alamar lokaci.

Haka kuma *tomorrow* da *next week* ba dole ne su zo da *will* ba. Abin da aka riga aka tsara yana zuwa da siffar yanzu, kamar *The examination begins next Monday*. In ka duba amsoshi huɗun ba ka ga *will* ba, kada ka ɗauka an yi kuskuren bugu. Kori na baya, ka ɗauki na yanzu. *This morning* da *today* kuma ba su da tabbas, domin safiyar tana iya zama ta wuce ko ana cikinta. Da su kaɗai kada ka kore komai.

Yadda za ka saba da shi

Samo tsofaffin tambayoyin JAMB ko WAEC ko NECO, ka ware na lokutan aikatau guda 20. A zagayen farko kada ka sa agogo. A kowace tambaya ja layi ƙarƙashin alamar, sannan a gefen kowace amsa da ka kore ka rubuta kalmar da ta kore ta. In ka kore amsa ba ka iya nuna kalmar ba, to kunne ne ya yi aikin, sake dubawa. Amsoshin NECO kan kai biyar, A zuwa E, amma hanyar ɗaya ce, kora ɗaya ce ta ƙaru.

In ka gama ka duba amsoshi, raba kurakuranka gida uku: waɗanda ba ka ga alamar ba, waɗanda ka gan ta amma ka ɗora ta a kan ɓangaren da ba nata ba, da waɗanda lokaci ya yi daidai amma siffa ko mai aiki ya kayar da kai. Na farko maganinsa karatu har ƙarshen jimla. Na biyu maganinsa komawa kan *since* da *by the time* da *as soon as*. Na uku kuwa jerin aikatau ne za ka ɗauko ka haddace. Sai a zagaye na biyu ka sa agogo, tambaya 20 cikin minti 13, wanda shi ne kusan abin da daƙiƙa 40 ke bayarwa.

A ranar jarrabawa za ka ci karo da tambayar da ka kore biyu, biyu suka tsaya maka ƙememe. Damar cin ta ta tashi daga ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin biyu. Sake neman aikatau na biyu sau ɗaya, duba kalmar da ke gaban alamar, in har yanzu ba su rabu ba ɗauki ɗaya ka rubuta lambar tambayar a takardar lissafinka, ka komo mata in lokaci ya rage.